Yadda za ka karanta gargaɗin "Your connection is not private" a Chrome

Idan ka buɗe shafi a Chrome, gargaɗin tsaro iri biyu za ka iya gani, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne rubutun "Not secure" ko alamar gargaɗi a gefen adireshi, alhali shafin ya buɗe. Galibi yana nufin shafin na amfani da `http://` ne maimakon `https://`, wato abin da ke tafiya tsakanin wayarka da shafin ba a kulle yake ba. Tun watan Yulin 2018 Chrome ke saka wa irin waɗannan shafuka wannan alama. Za ka iya karanta labari a ciki, amma kada ka rubuta kalmar sirri ko lambar katin banki, domin wanda ke riƙe da hanyar intanet ɗin zai iya gani.

Na biyu ya fi nauyi. Shafin ba ya buɗewa, sai rubutun "Your connection is not private" ya cika fuskar waya. A nan shafin ya gabatar da satifiket ɗinsa, burauza ta duba, ta ƙi yarda. Satifiket kamar katin shaida yake: yana ɗauke da sunan shafin, da sunan hukumar da ta bayar da shi, da ranar da zai fara aiki da ranar da zai ƙare. Ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasan gargaɗin shi zai faɗa maka wanne daga cikin ukun ya samu matsala.

Mu ɗauki wanda ya shafi kwanan wata:

```
NET::ERR_CERT_DATE_INVALID
```

Burauza tana auna ranakun satifiket da agogon wayarka ne. Saboda haka ko dai satifiket ɗin ya ƙare, ko kuma agogonka ne ya kauce. Don ka tantance, danna kan rubutun da kansa. Bayani zai fito, a ciki ka nemi layi biyu: "Expires on", ranar ƙarewar satifiket, da "Current date", ranar da wayarka ke ɗauka yau ce.

A ce an ba wani shafi satifiket na kwana 90 ranar 1 ga Maris, irin wanda Let's Encrypt ta saba bayarwa kyauta. Zai ƙare ranar 30 ga Mayu. Kai kuma ka shiga ranar 10 ga Afrilu, sai gargaɗi ya fito. Ka duba "Current date", ka ga wayar ta koma watan Janairu, wataƙila don an cire batiri wajen gyara. A lissafin wayar, lokacin fara aikin satifiket ɗin bai ma zo ba. Laifin wayarka ne, kuma wata alamarsa ita ce shafuka da yawa za su ƙi buɗewa lokaci guda. Shiga "Settings", ka nemi "Date & time", ka kunna saitin lokaci na kai tsaye, sannan ka sake buɗe shafin.

Amma idan yau 5 ga Yuni ce, "Current date" ya nuna daidai, "Expires on" kuma ya nuna 30 ga Mayu, to masu shafin ne ba su sabunta ba. Goge tarihin burauza ba zai gyara wannan ba. Sai ka jira su sabunta.

Sauran biyun su ne:

```
NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID
NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID
```

Na sama yana nufin sunan da ke cikin satifiket bai dace da adireshin da ka buɗe ba. Na ƙasa kuma yana nufin burauza ba ta yarda da wanda ya bayar da shi ba. Ana yawan ganinsu a Wi-Fi na otal ko makaranta, inda shafin shiga ke tare hanya kafin a ba ka intanet. Sai dai haka ma suke fitowa idan wani ya shiga tsakaninka da shafin yana kwaikwayonsa. Gwajin mai sauƙi ne: kashe Wi-Fi, ka buɗe shafin da datar layinka. Idan ya buɗe lafiya, matsalar daga wannan Wi-Fi ɗin take, kada ka shiga asusunka ta kansa.

A ƙarƙashin "Advanced" akwai zaɓin "Proceed", wanda zai tsallake gargaɗin. Idan shafin banki ne, ko imel, ko duk inda za ka saka kalmar sirri, kada ka danna shi, ko da kana sauri. Wasu shafukan ma ba za su nuna maka zaɓin ba, domin sun riga sun umarci burauza kada ta buɗe su sai da satifiket mai kyau.

Sannan ka lura, rashin gargaɗi ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ne. 'Yan damfara ma suna samun satifiket mai kyau da sunan shafinsu na bogi. Kafin ka saka bayananka, karanta adireshin harafi bayan harafi.