Yadda Ake Kawar da Dishi-dishin Tsohuwar Manhaja a Sabuwar Kwamfuta

A shagunan buga takardu na wajajen Ƙofar Dundaye, inda ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke bi za su makaranta, akwai wani ƙorafi da ke yawan biyo bayan sauya kwamfuta. Mutum ya sayi laftof mai kyan fuska, ya ɗora tsohuwar manhajarsa ta lissafin ciniki ko ta buga rasiti, sai ya ga rubutunta ya yi dishi-dishi, alhali sauran abubuwan da ke kan fuskar suna nan tangaram. Wasu har mayar da kwamfutar suke yi wurin mai sayarwa, suna cewa sikirin ɗin ya lalace. Lafiyarsa lau. Matsalar tana tsakanin Windows da ita manhajar, kuma gyaranta ba ya cin ko kwabo.

Shekaru da dama Windows na aiki da ƙiyasin cewa akwai ɗigo 96 a kowane inci na fuskar kwamfuta, kuma wannan ne ake kira 100%. Da wannan ma'auni aka ɗinka tsofaffin manhajoji. Tsohuwar laftof mai inci 15.6 da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, tana da kusan ɗigo 100 a inci, don haka komai ya zauna daidai. Amma mai inci 14 da ɗigo 1920 da 1080 ta tara kusan 157 a inci ɗaya. Ɗigonta ƙanana ne sosai, in aka bar ta a 100% sai an ƙanƙance ido kafin a karanta. Shi ya sa Windows kan ɗaga girman zuwa 150%, wato ma'aunin ya koma 144.

Sabuwar manhaja ta san da wannan zance. Tana tambayar Windows ma'aunin da ake kai, ta zana haruffanta da ɗigon da ya dace. Tsohuwa kuwa ba ta tambaya, don lokacin da aka rubuta ta babu dalilin tambaya. Tun daga Windows Vista aka ɓullo da wata dabara domin irinta: Windows na gaya mata cewa har yanzu 96 ake kai, kuma girman fuskar 1280 ne da 720. Sai ta yi zanenta a kan haka, shi kuma ya ɗauki abin da ta zana a matsayin hoto, ya miƙe shi. Taga mai 800 da 600 ta zama 1200 da 900. Duk mai shagon hoton takarda ya san abin da ke faruwa in aka faɗaɗa ƙaramar takarda a na'ura maimakon a sake buga ta da manyan haruffa: girma ya samu, kaifi ya tafi. Layin da kaurinsa ɗigo ɗaya ne yanzu yana neman ɗigo ɗaya da rabi, kuma ba a raba ɗigo, sai dai a cuɗa baƙi da fari a samu toka-toka a gefen kowane harafi. Wannan tokar ita ce dishi-dishin.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da cutar. In komai na fuskar ne ya dushe, har da agogon ƙasa, to wani ne ya rage Display resolution a cikin Settings don ya girmama rubutu. Mayar da shi kan wanda aka rubuta wa Recommended, ka yi ƙarin girma da Scale kaɗai. In kuwa sunan manhajar da ke saman taga ya fito sarai, cikinta ne kawai ya yi hazo, to ita ce. Za ka iya ƙara tabbatarwa a Task Manager: shiga Details, ka danna kan layin taken da maɓallin dama, ka zaɓi Select columns, ka saka DPI Awareness. Manhajar da aka rubuta wa Unaware ita ake miƙe wa hoto.

Yanzu rufe manhajar gaba ɗaya. Nemo ainihin fayil ɗinta mai ƙarewa da .exe; in daga Start kake buɗe ta, Open file location zai kai ka kusa. Danna shi da maɓallin dama, ka shiga Properties, sannan Compatibility, sannan Change high DPI settings. A ƙasan akwatin da ya buɗe akwai Override high DPI scaling behavior. Yi masa alama, sai zaɓi uku su bayyana, kuma a nan ne aikin yake.

Ni shawarata a fara da System (Enhanced), wanda ya shigo Windows 10 a 2017. Manhajar tana nan a kan zatonta na 96, amma Windows ba ya jira ta gama zane. Duk lokacin da ta nemi a rubuta harafi ko a ja layi ta tsohuwar hanyar zane ta GDI, sai ya zana shi tun farko da girma. In kana 150%, yakan zana a 200%, sannan ya rage zuwa 150%, kuma ragewa ba ta ɓata kaifi kamar miƙewa. Ga manhajar rasiti da ba ta ƙunshi komai ba sai sunayen kaya, lambobi da akwatuna, wannan kan wadatar. Iyakarsa ita ce ƙananan hotunan maɓallai suna nan da hazonsu, kuma manhajar da ke zane ta GDI+ ko DirectX ba ta cin moriyarsa. Wani lokaci kuma tazarar haruffa kan ɗan karkace, ƙarshen kalma ya ɓuya.

In bai yi ba, gwada Application. Wannan yana nufin Windows ya daina miƙe komai, ya faɗa wa manhajar ma'aunin gaskiya, ya bar ta da kanta. Dishi-dishi zai tafi nan take, amma kada ka yi saurin murna. Wata manhajar za ta ƙanƙance baki ɗaya, tagar 800 da 600 ta tsaya a haka a fuskar da ke da 1920. Wata kuma za ta girmama haruffa ta bar akwatunan yadda suke, sai rubutu ya fi ƙarfin mazauninsa. Buɗe tagar da ka fi aiki da ita, ka duba gurbin jimillar kuɗi da maɓallin adanawa na ƙasa. In lambar ƙarshe ta ₦125,000 ta yanke, janye wannan zaɓi. Rubutu mai hazo da ake iya karantawa ya fi mai kaifi da ya cinye sifili.

Na ukun, System, shi ne dai miƙe hoton da muka baro. Amfaninsa yana ga manhajar da ta shaida wa Windows cewa ta iya girmama kanta alhali ba ta iya ba, ta fito ƙanƙanuwa ko a hargitse. Da shi ake tilasta mata girman da ya dace, a haƙura da hazon.

Kowane zaɓi sai an rufe manhajar an sake buɗewa yake aiki, domin a lokacin tashinta ake yanke ma'aunin da za ta gani. Ba a taɓa fayil ɗinta ba. Windows na ajiye umarnin ne a rajistarsa, a nan:

```
HKCU\Software\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\AppCompatFlags\Layers
```

An ɗaure umarnin da adireshin fayil ɗin, don haka in ka matsar da manhajar zuwa wata jaka, sai ka sake saiti. Haka nan na mai asusun da ya yi shi ne kaɗai. A shagon da mutane da yawa ke shiga kwamfuta ɗaya da asusu daban-daban, sai a bi ta Change settings for all users.

Akwai kuma manhajojin da Task Manager ke rubuta wa System. Su suna tambayar ma'auni, amma sau ɗaya tak, na babbar fuska. Ɗalibin da ya jona laftof mai 150% da majigi mai 100% ranar kare kundinsa zai iya ganin manhajar da ke lafiya ta dushe a allon, domin Windows ne ke matse hotonta. A nan ba sai an je Compatibility ba: ka mai da majigin babbar fuska a Settings, ka fita daga asusunka ka sake shiga, sannan ka buɗe manhajar.