Shafin Yara: Haƙurin Annabi Ayuba (AS)

Ku ɗauko fensir, ku zauna kusa da Mama ko Baba a karanta muku.

LABARI

Annabi Ayuba yana da dukiya da 'ya'ya da lafiya. Sai Allah Ya jarrabe shi. Dukiyar ta ƙare, ya rasa 'ya'yansa, ciwo ya kwantar da shi shekara da shekaru. Matarsa ce ta tsaya tana jinyarsa. Bai yi fushi da Allah ba, bai daina ambaton Sa ba. Amma fa bai yi shiru ba. Ya kai kukansa wurin Allah, ya faɗi ciwonsa cikin ladabi, ya nemi rahama. Allah Ya ce masa ya buga ƙafarsa a ƙasa. Sai ga ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo. Ya yi wanka, ya sha, ya warke. Allah Ya mayar masa da iyalinsa, Ya ƙara masa wasu kamarsu.

AIKI NA 1: CIKE GURBI

Zaɓi daga nan: ruwa, ƙafarsa, Allah.

(a) Annabi Ayuba ya kai kukansa wurin ________.
(b) Ya buga ________ a ƙasa.
(c) Sai ________ mai sanyi ya fito.

AIKI NA 2: HAƘURI NE KO A'A?

(a) Da asuba sanyin Jos yana kaɗawa. Ladidi ta jira Mama ta ɗumama ruwa, ta yi alwala, ba ta yi rigima ba.
(b) Zazzaɓi ya kama Sani. Ya ɓoye, bai gaya wa kowa ba.
(c) Maganin Bintu yana da ɗaci. Ta ce bismillah, ta shanye.
(d) Ƙanin Audu ya karya masa fensir. Audu ya make shi.

AIKI NA 3: ZANE

Zana ruwa yana fitowa daga ƙasa, ka shafa masa shuɗi. Kar ka zana mutum, ba ma zana annabawa.

AIKI NA 4: NA WANNAN MAKO

Ja gidaje 7 a takarda, daga Asabar zuwa Juma'a. Duk ranar da abu ya ɓata maka rai ka daure, ba zagi ba duka, sa tauraro a gidan ranar.

GA IYAYE

Labarin yana Suratul Anbiya, aya 83 da 84, da Suratu Sad, aya 41 zuwa 44. Amsar aiki na 2: (a) da (c) haƙuri ne, (b) da (d) a'a. Don Allah a tsaya a kan (b), nan yara suke ruɗewa. Yaron da ya saba jin "yi haƙuri" duk sanda ya yi kuka zai iya ɗauka ɓoye ciwo shi ne haƙuri, ga shi zazzaɓin cizon sauro ba ya jira. A nuna masa Annabi Ayuba ya faɗi ciwonsa, da aka ba shi magani kuma ya sha.

A kawo min takardun bayan sallar Juma'a mai zuwa.

Sakataren masallaci