Albashi Mafi Ƙaranci da Mai Aikin Jinga

Malam Habu daga Funtuwa, wanda yake ɗinki a wata masana'anta inda ake biyansa gwargwadon rigunan da ya gama, ya aiko yana tambaya ko dokar albashi mafi ƙaranci ta shafe shi.

To, Malam Habu, ko da yake dokar Nijeriya, bayan gyaran da aka yi mata a shekarar 2024, ta wajabta biyan Naira dubu 70 a wata, sai dai ta keɓe waɗanda ake biya da jinga ko kamasho, da kuma ma'aikatar da mutanenta ba su kai 25 ba. Saboda haka, bisa zahirin nassi, mai aikin jinga irinka ba ya cikin hukuncin, kuma wannan giɓi ne da ya kamata a cike.

Amma ga mai albashin wata, abin lura shi ne jimillar abin da uban gida ya biya, wanda galibi akan lissafa har da alawus na gida da na mota. Kyautar da mai saye ya miƙa wa ma'aikaci kuwa ihsani ce daga aljihunsa, don haka bai kamata uban gida ya lissafa ta cikin albashi mafi ƙaranci ba.