Ƙwan Zabi Nawa Ne a Ƙwarya?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karatun wannan mujalla, in an ba mu lissafin rabawa a aji, yawancinmu amsa kaɗai muke dubawa, sauran da ya rage kuwa sai mu rubuta shi a gefe kamar ba shi da amfani. To, ni a wannan rubutu ina so in nuna muku cewa da wannan saura kaɗai mutum yana iya gano adadin da ba a gaya masa ba. Masana lissafi suna kiran wannan dabara ƙa'idar saura ta mutanen Sin, don a littafinsu aka fara samunta. Ga kacici-kacicin da za mu yi aiki da shi.

A ce wata mata daga Mandera ta ɗauko ƙwarya ɗaya ta ƙwan zabi za ta kai kasuwar Bodinga. Tana cikin tafiya sai wani mai keke ya buge ta, ƙwai suka fashe sarai. Mai keke ya ce, "Yi haƙuri, Inna, ni zan biya. Guda nawa ne?" Ta ce, "Wallahi ɗana, ban riƙe adadi ba. Amma da na kasa su uku-uku, 1 ya rage. Da na kasa su biyar-biyar, 2 suka rage. Da na kasa su bakwai-bakwai, 4 suka rage." To, kuɗin ƙwai nawa zai biya, yadda ba a cuci Inna ba, shi ma ba a cuce shi ba?

Hanya ta farko ita ce tankaɗe, kamar yadda ake tankaɗe gari. A fara da kashi mafi girma, watau na bakwai-bakwai. Adadin da zai bar saura 4 in an raba shi da 7, tilas yana cikin wannan jeri: 4, 11, 18, 25, 32, 39, da sauransu, ana ƙara 7 kowane taki. Sai a bi jerin ana raba kowanne da 5, ana neman wanda zai bar saura 2. Lamba 4 ta bar 4, 11 ta bar 1, 18 ta bar 3, 25 ba ta bar kome ba, 32 kuwa ta bar 2. Ke nan 32 ta cika sharaɗi biyu.

Daga nan ba za a ci gaba da ƙara 7 ba, don in an yi haka sharaɗin biyar-biyar zai ɓaci. Abin da za a riƙa ƙarawa shi ne 35, watau 5 sau 7, domin 35 tana shiga kashin biyar daidai, tana kuma shiga kashin bakwai daidai, ba ta taɓa sauran kowannensu. In an raba 32 da 3, saura 2 ne, alhali 1 muke nema. A ƙara 35, ya zama 67. In an raba 67 da 3 za a sami 22, saura 1. An samu! Bari mu gwada sauran: 67 shi ne 5 sau 13 da ragowar 2, shi ne kuma 7 sau 9 da ragowar 4. Ƙwan Inna 67 ne.

Hanya ta biyu ta fi sauri, ita ce kuma take cikin littafin nan na ƙasar Sin mai suna Sunzi Suanjing, wanda aka rubuta tsakanin ƙarni na 3 da na 5 bayan haihuwar Annabi Isa. A wannan hanya mutum zai riƙe lambobi uku ne a ka: 70, 21 da 15. Ni nakan kira su mabuɗai. Sauran uku-uku a ninka shi sau 70, sauran biyar-biyar sau 21, sauran bakwai-bakwai sau 15, sa'an nan a tara duka. Ga yadda zai kasance a kan ƙwan Inna:

1 × 70 = 70
2 × 21 = 42
4 × 15 = 60
70 + 42 + 60 = 172

In jimlar ta wuce 105, sai a ɗebe 105, a yi ta ɗebewa har ta koma ƙasa da haka. A nan sau ɗaya ya isa: 172 a ɗebe 105, saura 67. Kun ga amsa ɗaya ce da ta tankaɗe. Tambayar da ke cikin littafin na Sin ita ce adadin da ya bar saura 2 a uku-uku, 3 a biyar-biyar, 2 a bakwai-bakwai. Da mabuɗan nan za a sami 140 da 63 da 30, jimla 233, a ɗebe 105 sau biyu, saura 23.

Wani zai ce wannan ai rufa-ido ne. Ba rufa-ido ba ne, kowane mabuɗi da dalilinsa. Dubi 70. Tana rabuwa da 5 daidai, tana rabuwa da 7 daidai, amma in an raba ta da 3 sai ta bar saura 1. Saboda haka ko sau nawa aka zuba 70 cikin jimla, kashin biyar da kashin bakwai ba za su san an yi ba, kashin uku kaɗai ne zai sami ƙarin saura 1 kowane zubi. Haka 21 take: 3 da 7 suna raba ta daidai, 5 ce ke barin saura 1. Haka kuma 15: 3 da 5 suna raba ta daidai, 7 ce ke barin saura 1. Ashe kowane mabuɗi ƙofa ɗaya yake buɗewa, bai taɓa ta maƙwabta. Shi ya sa in aka ɗauki 70 sau 1, 21 sau 2, 15 sau 4, kowane kashi zai sami daidai sauran da Inna ta faɗa.

Ita kuwa 105, ita ce 3 sau 5 sau 7. Dukan kashin uku suna raba ta ba saura, don haka ƙara ta ko ɗebe ta ba ya canza kome. A nan ne iyakar ƙa'idar ta farko take. Lamba 67 ba ita kaɗai ce ta dace da maganar Inna ba; 172 ma ta dace, haka 277, haka dai ana ƙara 105. Abin da ƙa'idar ta tabbatar shi ne, cikin kowane jerin lambobi 105 masu bin juna, amsa ɗaya tak ake samu. Dalili kuwa, in lambobi biyu suka bar saura iri ɗaya a duk kashin uku, to, tazarar da ke tsakaninsu tilas 3 da 5 da 7 su raba ta daidai, kuma mafi ƙanƙantar irin wannan tazara ita ce 105. Saboda haka kafin mai keke ya sa hannu a aljihu, sai ya dubi girman ƙwaryar. In ƙarama ce wadda ba ta cin ƙwai ɗari, 67 ne. In kuwa babban masaki ne, to, da sauran magana, don 172 ma tana yiwuwa. Lissafi ya kawo mu bakin ƙofa, ido ne zai ƙarasa.

Iyaka ta biyu ta fi wannan muhimmanci. Dole lambobin da ake rabawa da su su zama ba su da wata lamba, ban da 1, da ke raba biyu daga cikinsu. Lambobi 3, 5 da 7 sun cika wannan sharaɗi. Amma 4 da 6 ba su cika ba, don 2 tana raba su duka. A ce wani mai albasa a Shagari ya ce da ya kasa albasarsa huɗu-huɗu 1 ta rage, da ya kasa shida-shida 2 suka rage. Duk wanda ya taɓa wasan cika ko mara zai gane akwai kuskure. Abin da ya bar 1 a huɗu-huɗu mara ne, kamar 5 ko 9. Abin da ya bar 2 a shida-shida kuwa cika ne, kamar 8 ko 14. Adadi ɗaya ba ya zama cika kuma mara, ke nan ya ɓata ƙirga, ko an kwana ana nema ba za a sami amsa ba. Da ya ce saura 1 da saura 3 ne, da an samu, watau 9, 21, 33. Amma ku lura, amsar tana dawowa bayan kowace 12 ne, ba bayan 24 ba. Hanyar ganewa tun da wuri ita ce a ɗebe ƙaramin saura daga babba: in lambar da suka yi tarayya a kanta, a nan 2, ba ta raba abin da ya rage daidai ba, babu amsa.

Mabuɗan 70, 21 da 15 na 3, 5 da 7 ne kawai. In an canza kashi, sai a ƙera sababbi, kuma ba wuya. A ce da 3, 4 da 5 za a yi. Don mabuɗin 3, a ninka sauran biyun, 4 sau 5, a sami 20. Ita 20 tana barin saura 2 a uku-uku, sai a ƙara wata 20, a sami 40, wadda ke barin 1. Don mabuɗin 4, a bi 15, 30, 45. Ta ukun ce ke barin 1 a huɗu-huɗu. Don mabuɗin 5, a bi 12, 24, 36. A nan ma ta ukun ce. Mabuɗan su ne 40, 45 da 36, abin ɗebewa kuwa 60.

Littafin Sunzi bai nuna yadda ake ƙera mabuɗai ga kowaɗanne lambobi ba. Wani masani na Sin mai suna Qin Jiushao shi ne ya rubuta cikakkiyar hanya a shekarar 1247. Masanan Indiya, irin su Aryabhata da Brahmagupta, sun yi aiki a kan irin wannan lissafi, haka ma Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Masar. A Turai kuwa Bajamushen nan Gauss ya bayyana ta cikin littafinsa na 1801. A yau kwamfuta tana amfani da ita wajen farfasa lissafin manyan lambobi zuwa ƙanana, musamman wajen buɗe saƙonnin da aka kulle da lambobin sirri.

In an tafi hutu, ga abin da za ku gwada a gida. Ku roƙi Baba ko Kawu ya raba shekarunsa da 3, da 5, da 7, ya faɗa muku saura kawai. Tun da da wuya a sami wanda ya haura 105, mabuɗan nan za su ba ku shekarunsa daidai. Ga kuma aikin gida ga 'yan ajinmu: wani makiyayi yana da tumaki da ba su kai 60 ba. Uku-uku sun bar 2, huɗu-huɗu sun bar 1, biyar-biyar sun bar 3. Tumaki nawa gare shi? Wanda ya sami amsa ba ya bukatar malami ya duba masa. Ya raba ta da 3, da 4, da 5 da kansa, in sauran sun fito yadda makiyayi ya faɗa, to, ya ci.