Man Labanda da Rashin Barci

Wata mai sauraronmu daga Zinder ta tambaya ko man labanda da ake shaƙa yana sa barci. To, Malama, labanda tsiro ne mai fure ruwan shuni, ana noma shi sosai a kudancin Faransa da Bulgeriya. Da tururi ake tatso mansa, kuma ana kyautata zaton sinadarin linalol da ke cikinsa ne ke kwantar da hankali.

Ana ɗiga ɗigo 2 ko 3 a kan auduga, a ajiye kusa da matashin kai kafin a kwanta. Kada a sha shi, kada kuma a shafa shi tsantsa a fata, don yakan jawo ƙaiƙayi. Mai asma ta yi hattara.

Binciken da aka gudanar ya nuna wasu kan ce sun fi jin daɗin barcinsu, sai dai amfanin ɗan kaɗan ne, kuma galibi mutane ƙalilan aka gwada. Ga kuma wata matsala: ƙamshi ba ya ɓuya, don haka wanda ake gwadawa ya san abin da aka ba shi, kuma sa rai kaɗai na iya kawo barci.

Idan rashin barcin ya kai wata 3, ko ana cewa numfashinki na ɗaukewa cikin munshari, don Allah ki ga likita.