Lissafin Kungiyar Adashi da Rance

Mu dauki kungiyar mutum ashirin, kowane kaso naira dari. Ranar taro, magatakarda yakan buga hatimi daya a littafin mamba domin kowane kason da ya zuba. Bashi kuwa yana da nasa shafi. Wanda ya ari N1,000 bisa ruwa goma cikin dari a wata, zai kara N100 duk wata har ya biya.

A karshen shekara sai a karbo dukan basusuwa, a kirga kudin akwati a gaban kowa. In an sami N130,000, hatimai kuma 1,000 ne, kowane kaso ya zama N130. Mai hatimi sittin zai karbi N7,800. In kudin akwati bai yi daidai da littafi ba, kada a raba sai an gano kuskuren.