Kafin Ka Tsaya Gaban Masu Jari da Manhajar Amfanin Gona

Idan za ka nemi jari wajen attajiran Dawanau don manhajar da ke haɗa manomi da mai saye, kada ka fara da kyan manhajar. Alhaji zai saurare ka cikin ladabi, amma buhu yake lissafawa.

Kada ka yi alfahari da yawan waɗanda suka sauke ta a waya. A ce mutum 2,000 sun sauke, amma 150 kaɗai suka sayar, 60 suka dawo karo na biyu. Sittin ɗin nan su ne kasuwarka, su za ka fara ambata. Faɗi ko su waye: manoman masara ne ko dillalai? Ba kowane manomi ke da babbar waya ba, don haka bayyana ko wakili ne ke shigar masa da kaya, da nawa kake biyansa.

Sai kuɗi. Ɗauki buhu ɗaya ka bi shi daga gona zuwa sito. Misali la'adarka naira 1,000 ce, wakili ya ci 400, kira da data 150, asarar kayan da aka ƙi karɓa 250. Saura 200, ita ce ribarka. Faɗe ta haka ko da ta yi kaɗan, domin su ma sun iya lissafin. Kuɗin mota da na 'yan dako fa, wa ke biya? In ka yi inda-inda a nan, zama ya tashi.

Sannan ka ce, “Alhaji, ga abin da nake nema, ga watannin da zai kai ni.”